Daga Ganyen Dawa zuwa Zanen Aman Wuta: Yadda Ake Gwajin RNA da Yadda Ake Karanta Sakamakonsa

A tarukan gabatar da bincike na ɗaliban digiri na biyu da na uku a Kaduna da Zariya, wani zane ya fara zama ruwan dare a allon majigi: dubban ɗige-ɗige da suka taru a tsakiya daga ƙasa, suka kuma watsu sama ta dama da hagu, waɗansu ja waɗansu shuɗi. Sunan da ake gani a manhajoji shi ne `volcano plot`, domin siffarsa ta yi kama da dutse mai aman wuta. Mai gabatarwa yakan nuna jajayen ya ce waɗannan ƙwayoyin gado sun ƙara aiki, ya nuna shuɗayen ya ce waɗannan sun rage, sannan ya wuce. Abin da nake son in nuna a nan shi ne, wurin da kowane ɗigo ya zauna a wannan zane ba na'ura ce kaɗai ta zaɓa masa ba. Yawancin hukuncin an yanke shi tun ranar da aka tsara tukwanen shuka, aka kuma yanke ganye, don haka wanda bai san hanyar da samfur ya bi ba, ba zai iya karanta zanen daidai ba.

Zan ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe, kuma na zaɓi dawa, saboda abinci ce da muka sani, kuma tana cikin amfanin gonar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana aiki a kansu. A ɗauka wata mai bincike tana son ta san abin da ke faruwa a cikin ganyen dawa idan ruwa ya ɗauke. Kowace ƙwayar halitta ta shukar tana ɗauke da DNA iri ɗaya, ko ana ruwa ko ana fari, kuma an wallafa cikakken jerin DNA na dawa tun shekarar 2009, inda aka lissafa ƙwayoyin gado kimanin 34,000. Abin da ke canzawa shi ne waɗanne daga cikinsu ake amfani da su a wannan lokaci, kuma da wane ƙarfi. Duk ƙwayar gadon da za ta yi aiki sai an kwafi saƙonta zuwa wani sinadari da ake kira mRNA, wanda daga gare shi ake ƙera furotin. Idan aka ƙirga yawan kwafin mRNA na kowace ƙwayar gado, an sami ma'aunin yadda shukar ke jan ta a aiki. Wannan ƙirge shi ne gwajin da ake rubutawa RNA-seq, wanda ya fara bayyana a rubuce-rubucen kimiyya wajen shekarar 2008.

Matakin farko babu kwalba babu na'ura a cikinsa, kuma shi ne mafi nauyi. Mai binciken za ta shuka dawa a tukwane, ta raba su gida biyu, rukuni ɗaya ana ci gaba da ba shi ruwa, ɗayan kuma a janye masa. Tambayar ita ce tukwane nawa za a ɗauki samfur daga gare su. Idan ta ɗauki shuka ɗaya daga kowane rukuni, ta ga bambanci, babu yadda za a gane ko fari ne ya kawo shi ko kuwa shukokin biyu da ma can ba ɗaya suke ba. Idan kuma ta niƙa ganye ɗaya ta raba shi kashi uku ta aika, abin da ta auna shi ne ingancin hannunta da na na'ura, ba bambancin da ke tsakanin shuka da shuka ba. Maimaicin da lissafi ke nema shi ne shukoki daban-daban, kowace a tukunyarta. Uku a kowane rukuni shi ne mafi ƙarancin da aka saba karɓa, amma wani babban gwaji da aka wallafa a 2016, wanda aka yi a kan yis da maimaici 48 a kowane rukuni, ya nuna cewa uku na barin wani kaso mai yawa na canje-canjen gaskiya su kuɓuce, masu binciken suka ba da shawarar a yi aƙalla shida. A ganina, duk wanda kuɗinsa ya tilasta masa zaɓi tsakanin zurfafa karatun samfur kaɗan da ƙara yawan shukoki, ya ƙara shukoki. A misalinmu za mu ce ta sami kuɗin huɗu-huɗu, wato samfur takwas.

Akwai abu na biyu a tsarin da ke ɓata aiki ba tare da an ankara ba. Ganyen shuka yana da agogonsa, kuma dubban ƙwayoyin gado suna tashi suna sauka tsakanin safiya da maraice. Idan aka yanke ganyen rukunin ruwa da ƙarfe tara na safe, aka yanke na rukunin fari bayan azahar, zanen ƙarshe zai cika da ɗige-ɗige masu launi, amma da yawansu labarin lokaci suke bayarwa ba labarin fari ba. Haka nan idan aka tace RNA na rukunin ruwa ranar Litinin, na rukunin fari kuma ranar Alhamis da sabon kwalin sinadarai, bambancin rana ya manne da bambancin ruwa, kuma babu lissafin da zai iya raba su daga baya. Maganin ba ya cin ko kwabo: a yanke ganye mai matsayi ɗaya a jikin kowace shuka, cikin awa ɗaya, ana sassaɓawa tsakanin rukunan, kuma kowace ranar aiki ta ƙunshi samfur biyu na ruwa da biyu na fari, a rubuta ranar a littafi.

Da zarar an yanke ganye, an shiga tsere da lokaci. RNA ba shi da juriyar DNA, kuma sinadaran da ke farfasa shi, waɗanda ake kira RNase, suna cikin ganyen kansa, suna jikin fatar hannu, suna cikin ƙura. Shi ya sa ake jefa ganyen nan take cikin ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, a niƙe shi a ɗan turmin tangaran da aka sanyaya, ya zama gari kore-kore, ana ƙara naitirojin kafin ya narke. Wanda ya taɓa yin wannan aiki ya san alamar haɗari: da garin ya fara yin duhu yana damƙewa a bakin taɓarya, ya soma narkewa, RNA kuma ya soma lalacewa. Daga nan sai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa, tambayar wa ke kula da janareta ranar Asabar da Lahadi wani ɓangare ne na tsarin bincike. Inda naitirojin ya gagara, akwai ruwan adana samfur irin su RNAlater, wanda masu yin sa suka ce yana riƙe RNA mako guda a zafin digiri 25 amma kwana ɗaya kawai a digiri 37. Wanda ya san zafin Kaduna a watan Maris da Afrilu ya san wanne daga cikin alƙaluman biyu ya fi kusa da shi.

Bayan an tace RNA ana auna abu biyu. Na farko tsabta, inda ake duba yadda ruwan ke shan haske, a nemi adadin da ake rubutawa A260/A280 ya kusanci 2.0. Na biyu lafiyar zaren RNA ɗin, wadda ake bayarwa da makin RIN daga 1 zuwa 10, kuma yawancin wuraren karatun samfur suna son 7 zuwa sama. A ganyen shuka wannan maki yakan fito ƙasa kaɗan ko da samfurin lafiya yake, saboda RNA na sassan da ke sarrafa hasken rana yana ƙara tsaunuka a zanen na'urar, don haka a dubi zanen da ido kafin a zubar da samfur. Abin da ya fi muni shi ne makin rukuni ɗaya ya zama 8 da 9, na ɗayan kuma 5 da 6, domin lalacewar za ta fito a sakamako da kamannin binciken da ake nema. Tun da sau da yawa samfur daga nan yakan yi doguwar tafiya cikin busasshiyar ƙanƙara zuwa kudu ko ƙasar waje, wajibi ne a nemi makin da aka samu bayan isarsa, ba wanda aka auna kafin ya tashi ba.

Abin da ke biye a ɗakin gwaji zan taƙaita shi. Kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na RNA da aka tace na injinan ƙera furotin ne, wato rRNA, kuma ba shi ake nema ba. mRNA bai wuce 'yan kashi kaɗan ba. Ana kamo shi ta wutsiyarsa, wadda jerin harafin A ne, ko kuma a tsame rRNA a bar saura. Sai a gutsuttsura shi, a mayar da shi DNA, a liƙa wa kowane gutsure adafta da wata alama ta musamman da ke nuna samfurin da ya fito, a ninka shi da PCR, wato dabarar yawaita kwafin DNA, a haɗa samfur takwas ɗin a zuba a na'ura, wadda galibi ta kamfanin Illumina ce. Na'urar tana karanta haruffa 50 zuwa 150 daga bakin kowane gutsure, kuma don irin wannan tambaya gutsattsari miliyan 20 zuwa 30 ga kowane samfur sun wadatar. Sakamakon yana zuwa a fayilolin FASTQ, kowane harafi da makin ingancinsa, inda maki 30 ke nufin yiwuwar kuskure ɗaya cikin dubu. Ana duba su da FastQC, sannan a jera gutsattsarin a kan jerin DNA na dawa da manhaja irin STAR ko HISAT2, a ƙirga nawa suka faɗa kan kowace ƙwayar gado.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Jerin DNA na dawa da aka fi amfani da shi na wani iri ne mai suna BTx623, ba Kaura ba ce ba kuma Farafara ba. Idan irin gida aka shuka, wasu gutsattsari ba za su sami mazauni ba saboda haruffansu sun ɗan bambanta, ƙwayar gadon da irin gida ke da ita kuma wancan ba shi da ita ba za ta taɓa fitowa a zane ba, komai ƙarfin aikinta. Saboda haka ake duba kason gutsattsarin da suka zauna. Idan bakwai daga cikin samfuran sun ba da kashi 85 zuwa 90, guda ɗaya ya ba da 50, wannan gudan yana da matsala, ko dai rRNA ya yi yawa a cikinsa ko kuwa ganyen na ɗauke da wata cuta da RNA ɗinta ya shiga lissafi.

Ƙarshen duk wannan wahala jadawali ne guda: layi ɗaya ga kowace ƙwayar gado, ginshiƙi takwas, kowane gurbi da adadin gutsattsari. Ba a kwatanta waɗannan adadi kai tsaye, domin samfurin da ya sami miliyan 30 zai fi wanda ya sami miliyan 20 a kusan kowane layi ba tare da wani dalili na halitta ba. Raba kowane adadi da jimilla ma bai isa ba. Idan mudu cike yake da gaurayen gero da dawa rabi da rabi, aka ƙara gero a buhu aka sake awo, dawar da ke cikin mudun za ta ragu alhali ko ƙwaya ɗaya ba a cire daga buhun ba. Haka na'ura take, gurbinta ƙayyadadde ne, don haka idan fari ya sa 'yan ƙwayoyin gado kaɗan suka yi tashin gwauron zabi, sauran duka za su yi kamar sun sauka. Manhajojin DESeq2 da edgeR suna gyara wannan ta hanyar ɗauka cewa mafi yawan ƙwayoyin gado ba su canza ba, sai su daidaita samfuran a kan wannan rinjaye. Kafin a ci gaba kuma, ana yin zanen PCA, wanda ke nuna kowane samfur a matsayin ɗigo ɗaya. Abin da ake fata shi ne huɗun ruwa su taru gefe guda, huɗun fari su taru ɗaya gefen. Idan suka rabu bisa ranar tacewa, ko aka ga samfurin fari ɗaya zaune a tsakiyar na ruwa, sai a koma littafin aiki, domin an sha musanya alamar kwalba.

Ga ainihin umarnin da ke fitar da zanen a cikin manhajar lissafi ta R, bayan an gina `dds`, wanda ke riƙe da jadawalin, da tsarin `~ rana + hali`, wanda ke cire tasirin ranar tacewa kafin a auna na ruwa:

```r
dds$hali <- relevel(dds$hali, ref = "ruwa")
dds <- DESeq(dds)
res <- results(dds, alpha = 0.05)
plot(res$log2FoldChange, -log10(res$padj))
```

Layin farko yana da muhimmancin da ba a cika lura da shi ba. Idan ba a faɗa wa DESeq2 rukunin da za a auna sauran a kansa ba, yakan ɗauki wanda ya zo farko a jerin haruffa. Wanda ya sa wa rukunansa suna `fari` da `ruwa`, to `fari` ne zai zama ma'auni, zanen kuma zai juya baki ɗaya, abin da ya ƙaru a lokacin fari ya koma hagu. Don haka tambayar farko da ya kamata a yi wa kowane zane irin wannan ita ce, wane rukuni aka ɗora a kan wane.

Yanzu ga karatun zanen. Kowane ɗigo ƙwayar gado ɗaya ce, kuma wurin zamanta amsar tambayoyi biyu ne mabambanta. Layin kwance yana amsa tambayar girman canji. Ana raba matsakaicin rukunin fari da na rukunin ruwa, sannan a rubuta sakamakon a ma'aunin `log2`, wanda ke ƙirga sau nawa aka ninka biyu. Sifili na nufin babu canji, 1 na nufin ninki biyu, 2 ninki huɗu, 3 ninki takwas. A hagu kuma −1 na nufin an koma rabi, −2 an koma rubu'i. Amfanin wannan ma'auni shi ne ninkawa da komawa rabi suna samun nisa ɗaya daga tsakiya. Layin tsaye kuwa yana amsa wata tambayar, wato yaya wahalar a ce sa'a ce kawai ta kawo wannan bambanci. Ana ɗaukar adadin p, wanda ƙanƙantarsa ke nuna wannan wahala, a juya shi da `-log10`, yadda ƙaramin adadi zai hau sama: 0.05 yana zama 1.3, 0.01 yana zama 2, 0.001 yana zama 3. Layukan da ake ja a zanen, galibi ɗaya a kwance a 1.3 da biyu a tsaye a 1 da −1, mai bincike ne ya zaɓe su, kuma launin ɗige-ɗigen yana bin wannan zaɓi ne kawai.

Bari mu ƙaddara ƙwayoyin gado huɗu daga jadawalin mai bincikenmu, bayan an daidaita adadin, mu ga inda kowace za ta sauka. Ta farko ta ba da 400, 440, 410 da 390 a shukokin ruwa, ta ba da 3,300, 3,500, 3,100 da 3,300 a na fari. Matsakaicin farko 410 ne, na biyu 3,300, wato ninki takwas, don haka tana wajen 3 a layin kwance. Kowane rukuni ya yi magana da murya ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta ninka tazarar cikin gida sau da yawa, saboda haka za ta hau can sama ta dama. Irin wannan hali ake sa ran gani daga ƙwayoyin gadon furotin ɗin dihaidirin, waɗanda ke kare ƙwayar halitta daga bushewa, da kuma P5CS, wadda ke cikin hanyar ƙera sinadarin furolin. Ganin waɗannan sanannun a sama ta dama ba sabon bincike ba ne, amma shi ne shaidar cewa farin ya kama shukokin da gaske kuma zanen bai juya ba. Idan babu ko ɗayansu a can, kafin a yi murnar wani baƙon ɗigo sai a tambayi ko ƙasar tukwanen ta bushe yadda ake zato.

Ta biyu ta ba da 0, 2, 1 da 1 a ruwa, ta ba da 3, 0, 58 da 3 a fari. Matsakaicin ya tashi daga 1 zuwa 16, wato wajen 4 a layin kwance, ta ma zarce ta farko zuwa dama. Amma duk tashin ya rataya ne a kan shuka ɗaya, sauran ukun ba su bambanta da na ruwa ba. Lissafi zai bar ta a ƙasa, kusa da gindin zanen, ko ma DESeq2 ya tsame ta saboda ƙarancin adadinta ya rubuta `NA` a gurbin `padj`, wato ginshiƙin p da aka gyara, ɗigon ya ɓace daga zanen gaba ɗaya. Wannan ita ce wadda ta fi yaudarar ɗalibai, domin idan aka jera jadawali bisa girman canji, irinta ne ke cika saman jerin. Kuma a lura da abin da zai faru da a ce shuka ɗaya aka ɗauka daga kowane rukuni, aka kuma dace da wadda ta ba da 58: da an rubuta babi guda a kanta. Hanyar kariya ita ce a duba ginshiƙin `baseMean`, wanda ke nuna matsakaicin adadinta, a kuma yi amfani da `lfcShrink`, wanda ke janyo irin waɗannan marasa ƙwari zuwa tsakiya ya bar masu ƙwari a inda suke.

Ta uku ta fi ban sha'awa a wurina. Ta ba da 10,000, 10,100, 9,900 da 10,000 a ruwa, ta ba da 13,000, 13,100, 12,900 da 13,000 a fari. Ƙarin kashi 30 ne cikin ɗari, wanda a layin kwance bai wuce 0.38 ba. Tun da adadin na da yawa kuma shukokin sun yi daidai da juna, za ta iya hawa sama da layin 1.3, amma tana tsakanin layukan tsaye biyu, don haka za a bar ta da launin toka, babu mai waiwayarta. Canjin nata tabbatacce ne, ƙarami ne kawai. Ko ƙaramin canji na da tasiri, wannan tambayar ilimin halitta ce da zanen ba zai amsa ba. Idan ƙwayar gadon tana cikin masu ba wa wasu umarni, ɗan motsinta na iya girgiza ɗaruruwa a ƙarƙashinta. Shi ya sa ban yarda a ɗauki layin ninki biyu a matsayin doka ba. Al'ada ce da aka saba da ita, kuma mai bincike na da damar sauya ta muddin ya faɗi dalilinsa tun kafin ya ga sakamako.

Ta huɗu ta sauka daga wajen 2,000 zuwa wajen 500 a dukkan shukoki, sai ta zauna a −2, sama ta hagu, inda ake yawan samun ƙwayoyin gadon sarrafa hasken rana idan fari ya yi tsanani.

Daga waɗannan huɗu za a ga cewa tsayin ɗigo ba girman tasiri ba ne. Tsayi yana ƙaruwa da yawan adadi, da daidaituwar shukoki, da yawan maimaici. Gwaji ɗaya da shukoki uku-uku zai ba da gajeren dutse, a sake shi da takwas-takwas dutsen ya yi tsawo, alhali dawar ba ta canza hali ba. Saboda haka kuskure ne a kwatanta tsayin zanen wani bincike da na wani, haka kuma kuskure ne a ce ɗigon da ke ƙasa da layi bai canza ba. Abin da za a iya cewa shi ne shaidar da ke hannu ba ta isa a yanke masa hukunci ba.

Sauran batu ɗaya da ba a tsallake shi, wato wane p ne aka ɗora a layin tsaye. Bayan an cire waɗanda ba sa aiki a ganye, a ce an gwada ƙwayoyin gado 20,000. Idan aka karɓi duk wadda p ɗinta ya gaza 0.05, to ko da fari bai taɓa ko ɗaya ba, ana sa ran kimanin 1,000 su tsallake layin bisa sa'a zalla, domin kashi biyar cikin ɗari na 20,000 ke nan. Gyaran da aka fi amfani da shi shi ne wanda Benjamini da Hochberg suka wallafa a 1995, kuma shi ne ke fitowa a ginshiƙin `padj`. Ma'anarsa ta shafi jerin ne baki ɗaya: idan mai bincikenmu ta yanke a 0.05 ta sami ƙwayoyin gado 800, ta amince ke nan cewa kimanin 40 daga cikinsu na iya zama na bogi, kuma zanen ba zai nuna mata ko waɗanne ne ba, sai dai an fi zargin waɗanda ke dab da layi. Wasu zane-zanen suna ɗora `pvalue` a layin tsaye amma su yi launi bisa `padj`, wannan ba laifi ba ne idan an bayyana. Laifin shi ne a yi launi da p da ba a gyara ba, a kuma yi shiru. Ya kamata a sani kuma cewa idan ba a rubuta `alpha = 0.05` ba, DESeq2 yana aiki da 0.1 ne a taƙaitaccen rahotonsa, abin da kan sa mutum biyu su ƙirga adadi daban daga jadawali ɗaya.

Siffar dutsen gaba ɗaya ma tana magana. Idan kusan dukkan ɗige-ɗigen sun karkata gefe guda, har gindin ya bar sifili, a binciki daidaitawar da aka yi ko ingancin RNA na rukuni ɗaya. Idan rabin ƙwayoyin gado sun yi launi a gwajin da farinsa bai yi tsanani ba, a tuhumi ranar tacewa ko lokacin yankan ganye. Idan aka ga ɗige-ɗige sun jeru a kan layi ɗaya a can ƙolin zane, adadin p ɗinsu ne ya ƙanƙance har kwamfuta ta rubuta shi sifili, manhajar zane ta datse su a wuri guda, don haka babu fifiko a tsakaninsu.

Ko da komai ya tafi daidai, abin da aka auna mRNA ne na ganye ɗaya, a rana ɗaya, a awa ɗaya, kuma an niƙe ƙwayoyin halitta iri-iri wuri guda, don haka babban canji a 'yan ƙwayoyin da ke buɗe ƙofofin numfashin ganye na iya nutsewa a cikin sauran. Ƙaruwar mRNA ba lallai ta zama ƙaruwar furotin ba, kuma ƙwayar gadon da ta tashi lokacin fari tana iya zama mai kare shuka, tana kuma iya zama alamar shukar ta jigata ne kawai. Mataki na gaba ga mai bincikenmu shi ne ta zaɓi kamar goma daga cikin 800 ɗin, ba daga ƙololuwa kaɗai ba, har da irin ta uku da waɗansu na dab da layi, ta zana adadin kowace shuka ɗaya bayan ɗaya don ta ga ba guda ce ke jan sauran ba, sannan ta auna su da qPCR, wata dabara daban da ke auna mRNA na ƙwayoyin gado ɗaya-ɗaya. Wannan awo a kan sababbin shukoki za a yi shi, waɗanda aka shuka aka kuma hana ruwa a wani zagaye daban, domin idan aka koma kan ragowar RNA na farko, duk kuskuren da aka yi a tukunya ko a turmi zai sake fitowa yadda yake.